“Bugun jini daidai yake a hannu biyu”: abin da gajeren kes yake koya wa ɗalibi game da ciwon ƙirji, da abin da yake ɓoye masa

Duk wanda ya taɓa shirin jarrabawar likitanci ya san irin tambayar nan. Layi shida ko bakwai ne: wani mutum mai shekara kaza ya zo da ciwon ƙirji, ga yadda ciwon yake, ga awon jininsa, ga abin da aka ji a ƙirjinsa, babu kaza, babu kaza, to mene ne ke damunsa? Ɗalibai na kiransa kes, kuma da shi ake koyon rarrabe cututtukan da ke kawo ciwon ƙirji a kusan kowace makarantar likitanci. Ni ina goyon bayan wannan hanya. Sai dai ina ganin yadda ake amfani da ita yana dasa wa ɗalibi wata ɗabi'a mai haɗari: ya saba ɗaukar kowace “babu” a matsayin hukuncin ƙarshe. Da an ce babu alama kaza, sai ya soke cutar daga jerinsa ya wuce. A takarda wannan yana kawo maki. A gaban mara lafiya kuwa yana iya sa a sallami mutum gida alhali babbar jijiyarsa tana tsagewa.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Mai rubuta kes daga amsa yake farawa. Ya riga ya yanke cewa amsar toshewar jijiyar zuciya ce, sannan ya koma baya ya jera alamomin da za su kai ɗalibi can, ya kuma sa “babu” ɗaya ga kowace amsar da yake so a watsar. Babu bambancin bugun jini tsakanin hannu biyu, wato ka manta da tsagewar awota, babbar jijiyar da ke fita daga zuciya. Babu kumburin ƙafa, wato ka manta da gudan jini a huhu. Ciwon ba ya ƙaruwa da numfashi, wato ka manta da kumburin rigar zuciya. Ɗalibi mai wayo yakan gano wannan salo da wuri, sai ya daina karanta jikin mara lafiya ya koma karanta nufin mai tambaya. Jiki kuwa ba shi da nufi, kuma ba wanda ya tace masa alamominsa.

Bari in kawo kes guda, irin wanda malami zai ƙirƙira don aji, mu bi shi a hankali.

Mutum ne mai shekara 58, yana da hawan jini, yana shan taba. Minti 40 da suka wuce ciwo ya kama shi a tsakiyar ƙirji lokacin da yake hawa matakala. Ya ce ji yake kamar an ɗora masa dutse. Ciwon ya fara kaɗan-kaɗan ne, ya yi ta ƙaruwa cikin ƴan mintuna, ya bazu zuwa hannuwansa biyu da muƙamuƙi. Gumi ya jiƙa masa riga. Awon jini 170/95, zuciya na bugawa sau 92 a minti, iskar oksijin a jini kashi 97 cikin 100. Huhu fes yake in an saurara. Danna ƙirjin ba ya tayar da ciwon, dogon numfashi ba ya ƙara shi, kwanciya ko zama ba sa canza shi. Bugun jini daidai yake a wuyan hannu biyu. Sharaɓa ba ta kumbura ba.

Wannan ba ya buƙatar dogon tunani, ciwon jijiyar zuciya ne har sai an tabbatar da akasin haka. Amma ya kamata ɗalibi ya iya faɗin abin da ya kai shi can, kuma ya san alamomin ba nauyinsu ɗaya ba. Shekaru da hawan jini da taba suna gaya maka cewa mutumin na cikin waɗanda jijiyoyinsu kan toshe, amma ba sa gaya maka cewa yau ce ranar. Mai hawan jini ma yana yin ƙwannafi. Abin da ya fi ɗaga zato shi ne siffar ciwon na yau: ya zo da motsa jiki, ya hau a hankali, ya tafi hannu biyu, ga gumin da kai ma kana gani da idonka. Tafiyar ciwo zuwa hannu biyu ta fi tafiyarsa zuwa hannun hagu kaɗai ƙarfi wajen nuna zuciya, ko da yake hannun hagun ne ya fi shahara a bakin mutane. Su kuma “babu” guda uku na danna ƙirji, numfashi da canjin zama, aikinsu shi ne sun hana zaton ya sauka. Da a ce ciwon mai suka ne, yana ƙaruwa da jan numfashi, kuma yatsa na iya tayar da shi a wuri guda, da zaton zuciya ya ragu sosai, amma ko a nan raguwa ce ba gushewa ba. Matakin farko dai sananne ne: a yi i-si-ji, wato zanen lantarkin zuciya, cikin minti 10 da isowarsa, a ɗebi jini don toroponin, sinadarin da ke hawa a jini in tsokar zuciya ta ji rauni.

Yanzu mu canza layi ɗaya tak, mu bar sauran yadda suke. Maimakon ciwon da ya hau a hankali, mutumin ya ce: “Lokaci guda ya same ni, kamar an caka mini wuƙa. Tun daƙiƙar farko ya kai maƙura. Ya bi ta bayana tsakanin kafaɗu, yanzu kuma ina jin sa ya gangaro ƙasa.” Shekarunsa suna nan, hawan jininsa yana nan, guminsa yana nan, kuma har yanzu takardar na cewa bugun jini daidai yake a hannu biyu.

A nan ne ɗabi'ar da na ambata ke yin ɓarna. Ɗalibin da ya saba da salon jarrabawa zai ga layin bugun jini ya ce ai an riga an kore tsagewar awota. Ba a kore ta ba. Awota ita ce babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya. Idan shimfiɗarta ta ciki ta yage, jini kan kutsa tsakanin shimfiɗun bangonta ya yi ta raba su. Bugun jini a hannu ɗaya yana raunana ne kawai idan tsagewar ta kai bakin reshen da ke ciyar da wannan hannun ta danne shi. In ba ta kai ba, hannu biyu za su yi ta bugawa lafiya ƙalau. Rajistar ƙasa da ƙasa ta masu wannan cuta, IRAD, ta fitar da rahotonta na farko a mujallar JAMA a shekarar 2000 kan marasa lafiya 464. An sami raunin bugun jini a wani sashe na jiki a kusan kashi 15 cikin 100 kawai. Wato mafi yawansu, nesa ba kusa ba, bugun jininsu daidai yake. A rahoton nan dai, kusan kashi 12 hoton ƙirjinsu bai nuna komai ba, kusan kashi 31 kuma i-si-jinsu lafiya yake. Kuma waɗanda suka ce ciwon mai suka ne sun fi waɗanda suka ce yaga yake yi, duk da cewa yagar ce aka fi haddacewa. Abin da ya fi yawa a bakinsu shi ne zuwan ciwon farat ɗaya da tsananinsa.

Lissafin yana da sauƙi, kuma ina ganin kowane ɗalibi ya kamata ya yi shi da hannunsa ko da sau ɗaya ne. A ƙaddara, don misali kawai, mutum 100 sun zo da irin wannan labari na biyu, kuma 20 daga cikinsu tsagewar awota ce ke damunsu. A cikin 20 ɗin, uku ne za a samu da bambancin bugun jini, 17 ba za a samu ba. A ƙaddara sauran 80 ɗin duk bugunsu daidai yake. To, masu bugun jini daidai sun zama 97, kuma 17 daga cikinsu suna da cutar. Zatonka ya sauka daga kashi 20 zuwa kusan 17 da rabi. Wannan ba sauka ba ce da za ta sa mutum ya saki jiki. Amma duba ɗaya ɓangaren: in ka samu bambancin, zaton ya yi tsalle sama sosai, domin ba kasafai ake ganin haka a sauran masu ciwon ƙirji ba. Alama guda ce, samunta na da nauyi ƙwarai, rashinta kusan ba shi da nauyi. Kes ɗin da aka saba rubutawa yana nuna su kamar nauyinsu ɗaya.

Me ya sa nake dagewa a kan waɗannan cututtuka biyu? Saboda maganin ɗaya guba ne ga ɗayar. Mai toshewar jijiyar zuciya ana ba shi asfirin da hefarin don hana jini daskarewa, inda kuma babu halin buɗe jijiyar da bututu a kan lokaci, a ba shi allurar narkar da gudan jinin. Ka ba mai tsagaggiyar awota waɗannan, ka buɗe masa hanyar zubar jini zuwa cikin rigar zuciya ko kogon ƙirji. Shi abin da yake buƙata daban ne: a rage masa ciwo, a fara sassauta bugun zuciya zuwa wajen 60 a minti kafin a sauko da lambar jini ta sama zuwa tsakanin 100 da 120, a yi siti-sikan na jijiyoyi da ruwan da ke haska su, in kuma tsagewar ta shafi sashen da ke tasowa daga zuciya a kira likitan fiɗa nan take. A irin wannan, in ba a yi komai ba, ana ƙiyasta mutuwa da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a kowace awa ta farko-farko. Akwai ma tarko a cikin tarkon. Tsagewar na iya komawa baya ta danne bakin jijiyar zuciya, galibi ta dama, sai i-si-ji ya nuna sashen zanensa da ake kira ST ya ɗaga a layukan II, III da aVF, daidai yadda toshewar ƙasan zuciya ke nunawa. Ba abu ne mai yawan faruwa ba, kuma mafi yawan masu irin wannan i-si-ji toshewa ce zalla, bai kamata a jinkirta musu magani ba. Amma abin da zai ankarar da kai a kan ɗan ƙalilan ɗin nan ba na'ura ba ce, tambaya ce ta daƙiƙa goma: yaya ciwon ya fara, kuma ina ya nufa?

Saboda haka ra'ayina shi ne duk “babu” da ɗalibi ya gani a kes, ya tsaya ya tambayi kansa: a cikin masu wannan cutar da gaske, nawa ne suke da wannan alamar? In kusan dukansu ne, rashinta ya isa hujja. In kaɗan ne, rashinta bai ce komai ba. Da wannan ma'auni za ka ga “babu” da yawa da ake jin tsoronsu a jarrabawa ba su da haƙora. I-si-ji na farko da ya fito lafiya bai kore toshewar jijiya ba, shi ya sa ake maimaita shi bayan minti 15 zuwa 30 in ciwon bai lafa ba. Toroponin da aka ɗiba minti 40 bayan fara ciwo yana iya fitowa daidai don kawai bai samu lokacin hawa ba, sai an sake ɗiba, bayan awa 1 zuwa 3 in gwajin mai saurin gani ne, ko awa 3 zuwa 6 in tsohon samfuri ne. Hatta rashin ciwon kansa bai kore ta ba. Wani babban nazari da JAMA ta buga a 2000 kan mutum sama da 400,000 da aka tabbatar sun samu toshewar jijiyar zuciya ya gano cewa kusan ɗaya cikin uku sun zo asibiti ba tare da ciwon ƙirji ba, kuma an fi ganin haka a tsofaffi, mata da masu ciwon suga. Su da haki suke zuwa, ko amai, ko kasala, ko ruɗewa.

Akwai “babu” masu ƙarfi kuma, kada a ce na rushe komai. Toroponin mai saurin gani da ya tsaya daidai sau biyu da tazarar da ta dace, tare da i-si-ji mai kyau, hujja ce babba cewa tsokar zuciya ba ta mutu ba. Gwajin di-dayima, wanda ke auna ɓurɓushin gudan jini, in ya fito ƙasa yana kore gudan jini a huhu, amma ga wanda tun farko zaton cutar a kansa ba mai yawa ba ne. Mutumin da jininsa bai faɗi ba, numfashi na shiga ɓangarori biyu daidai, ba ya haki, da wuya a ce iska ce ta taru ta matse masa huhu da zuciya. Bambancin waɗannan da na baya shi ne suna neman abin da kusan kowane mai cutar yake da shi.

Wani abin da kes ke iya koyarwa da kyau, in an juya shi, shi ne “babu” guda na iya sauya ma'ana gaba ɗaya. Koma kan mutuminmu. A labari na farko, “huhu fes yake” albishir ne, yana nufin zuciyar ba ta gaza har ruwa ya taru a huhu ba. Yanzu ka mai da shi wanda aka yi wa aikin ƙugu kwana goma da suka wuce, ciwonsa na gefen dama ne mai ƙaruwa da numfashi, yana haki, zuciya na bugawa 118, oksijin ya sauka zuwa 89. Nan “huhu fes yake” ya zama abin tayar da hankali. Mutum na haki, oksijin ya yi ƙasa, amma ba ka ji ruwa ba, ba ka ji ƙarar ciwon huhu ba, ba ka ji wani ɓangare ya yi shiru ba: to matsalar ba a hanyar iska take ba, a hanyar jini take. Sharaɓar da ba ta kumbura ba ba za ta cece ka ba, domin da yawa daga masu gudan jini a huhu ba a ganin komai a ƙafarsu. A ma'aunin Wells, wanda ake ƙiyasta zaton gudan jini a huhu da shi, ya samu maki 1.5 na bugun da ya wuce 100, da 1.5 na fiɗa cikin mako huɗu, da 3 na cewa babu wata cutar da ta fi wannan dacewa, jimilla 6. Ya wuce 4, don haka di-dayima ba ta da amfani a kansa, siti-sikan na jijiyoyin huhu kai tsaye.

Alamomin da aka samu su ma suna da nasu ruɗin, ko da yake ba zan daɗe a kansu ba. An daɗe ana koyar da cewa in an sa naitirogilisarin, maganin buɗe jijiyoyin jini, a ƙarƙashin harshe ciwo ya lafa, to zuciya ce. Maganin yana sassauta tsokar bututun abinci ma, don haka lafawar ba ta rarrabe komai. Haka in an ba mutum maganin ƙwannafi ya ce ya ji sauƙi, wannan bai wanke zuciyarsa ba. Toroponin ma yana hawa a gudan jini na huhu, da kumburin tsokar zuciya, da ciwon ƙoda, da tsagewar awota kanta. Yana cewa tsokar zuciya ta ji rauni, ba ya cewa me ya ji mata.

Za a ce mini, kuma da gaskiya, ɗalibin da ke farawa dole ya fara da siffa tsantsa. Wanda bai san kamannin kumburin rigar zuciya na littafi ba, wato matashi bayan mura, ciwo mai suka da ke tsananta in ya kwanta rigingine ya lafa in ya zauna ya sunkuya gaba, da ST da ya ɗaga a kusan duk layuka, ta yaya zai gane ta in ta zo a karkace? Na yarda. Ana rarrafe kafin a miƙe. Ƙorafina shi ne a yawancin lokaci a nan ake tsayawa, har mutum ya gama makaranta bai taɓa haɗuwa da kes ɗin da alamar da ya haddace ta ɓace amma amsar ba ta canza ba. Za a kuma ce tambayar jarrabawa dole ta kasance da amsa guda da ba a gardama a kanta. Wannan ma haka ne, amma ba dole ba ne tambayar ta zama “mece ce cutar?” Ana iya tambayar “wane gwaji za ka yi kafin ka ba da hefarin?” ko “wanne daga cikin waɗannan sakamako ne zai sa ka sallame shi da kwanciyar hankali?” Waɗannan suna da amsa guda, kuma su ne tambayoyin da likita ke fuskanta da gaske.

Akwai wani giɓi da ban ga yadda takarda za ta cike shi gaba ɗaya ba. A kes, “babu” ta zo maka a shirye. A ɗakin gaggawa kai ne za ka samo ta, kuma “ban gani ba” ba ɗaya ba ne da “na nema ban samu ba”. In fayil bai ambaci bugun jini a hannu biyu ba, akwai yiwuwar ba wanda ya taɓa hannu na biyun. In mara lafiya bai ce ciwon ya tafi baya ba, mai yiwuwa ba a tambaye shi ba, ko an tambaya da kalmar da bai gane ba. Mutum zai ce maka ba ya jin ciwo, nauyi ne kawai, ko cikinsa ne ya cushe, sai wani ya rubuta “babu ciwon ƙirji”, wanda ya karɓi aiki bayansa ya gina a kan wannan layi. Abin da malami zai iya yi shi ne ya riƙe rabin bayanin a hannunsa. Ya ba da shekaru da ƙorafi kawai, ya bar ɗalibi ya nemi sauran da bakinsa. Abin da bai tambaya ba, ba za a ba shi ba.

Mai karatu shi kaɗai ma yana iya yin kusan haka. Rufe kes ɗin da takarda ka buɗe layi ɗaya-ɗaya. Bayan layin farko rubuta cututtuka shida da ke kisa cikin awanni: toshewar jijiyar zuciya, tsagewar awota, gudan jini a huhu, iskar da ta matse huhu, ruwa ko jinin da ya matse zuciya a cikin rigarta, da fashewar bututun abinci, wadda kan biyo bayan amai mai ƙarfi. A kowane sabon layi ka ce wacce ta hau, wacce ta sauka, kuma da yawa ko kaɗan, ba tare da ka soke ko ɗaya ba sai da hujjar da ta isa. In ka kai ƙarshe ka ga amsa, kada ka wuce zuwa na gaba tukuna. Ɗauki alamar da ta fi ba ka amsar ka goge ta, ka duba ko da sauran za ka iya isa can. Sannan ka nemi layi ɗaya wanda in an canza shi maganin zai juye, kamar yadda farawar ciwo ta juya mana mutumin nan mai shekara 58 daga hefarin zuwa ɗakin fiɗa. Kes goma da aka yi wa haka suna cin lokacin da hamsin za su ci a karatun gaggawa, kuma na san ɗalibin da jarrabawa ta matso ba zai so jin wannan ba. Ga wanda lokaci ya ƙure masa, ko a kan kes ɗin awota da na gudan jini a huhu kaɗai ya yi, domin su biyun ne alamominsu na littafi suka fi yawan ɓacewa a jikin masu su.